Ƙa'idar sufafozishan a da'irar lantarki: yadda ake aiki da ita, da dalilin da ya sa ba a tara wat

Idan da'ira tana da tushen wuta fiye da ɗaya, misali batir biyu suna ciyar da rizista ɗaya, akwai hanya mai sauƙi ta gano karant da bolteji a kowane sashe. Ana ɗaukar tushe ɗaya a kashe sauran, a yi lissafi, a koma kan na gaba, daga ƙarshe a tara amsoshin. Wannan ita ce ƙa'idar sufafozishan. Tana ba da amsa daidai ga karant, tana ba da amsa daidai ga bolteji. Amma wanda ya tara wat ɗin da kowane tushe ya jawo shi kaɗai, amsar da zai samu ba ta da'irarsa ba ce, kuma kuskuren yana iya kaiwa ga ƙona rizista. Za mu bi da'ira ɗaya tak daga farko har ƙarshe, domin a ga inda hanyar take aiki da inda take tsayawa.

Sharaɗin da ƙa'idar ta tsaya a kai

Ƙa'idar tana aiki ne kawai a da'ira mai miƙaƙƙen hali. Ma'anar haka ita ce idan ka ninka abin da ka saka sau biyu, abin da zai fito ya ninku sau biyu, ba ƙari ba ragi. Rizista tana da wannan hali saboda dokar Ohm, V = I × R. Saka bolt 5 a kan om 100, ka sami miliamfa 50. Saka bolt 10, ka sami miliamfa 100. Saka bolt 15, wato 5 da 10 a haɗe, ka sami miliamfa 150, wanda shi ne 50 da 100 a haɗe. Dokokin Kirchhoff guda biyu su ma tarawa da ɗebewa ne kawai: karant ɗin da ya shiga mahaɗa shi ne wanda ya fita, kuma boltejin da ke kewaye da madauki idan aka tara shi sifili ne. Tunda babu inda aka ninka karant da kansa ko da wani bolteji a cikin waɗannan dokoki, gudummawar kowane tushe tana zama daban, ana iya lissafa ta ita kaɗai a tara daga baya. Kafasita da koyil su ma suna cikin wannan rukuni, muddin ƙarfen cikin koyil ɗin bai ƙoshi da maganaɗisu ba.

Dayod ba ya ciki. Bolt 0.4 a kan dayod na silikon kusan ba ya wuce da komai. Wani bolt 0.4 shi kaɗai haka nan. Amma idan ka jera su suka zama 0.8, dayod ɗin zai buɗe, karant mai yawa ya wuce. Kusan sifili da kusan sifili sun ba da abu mai yawa, don haka tarawa ba ta aiki a nan. Tsohon ƙwan fitila mai zare shi ma haka ne, domin turjiyarsa tana ƙaruwa sosai idan zaren ya yi zafi. Kafin ka fara, duba da'irarka ka tabbatar babu irin waɗannan a hanyar da kake lissafawa.

Da'irar da za mu yi aiki da ita

Akwai mahaɗa ɗaya a tsakiya, mu kira ta A, da layin ƙasa wanda ƙafafun ragi na tushen biyu suke haɗuwa a kai. Tushe na farko, V1, bolt 12 ne, ƙafarsa ta ƙari tana bi ta rizista R1 mai om 100 zuwa A. Tushe na biyu, V2, bolt 9 ne, yana bi ta R2 mai om 200 zuwa A. Daga A kuma R3 mai om 200 ta sauka zuwa layin ƙasa. R3 ita ce lodin. Tambayar da ke gabanmu tambaya ce ta mai sayen kaya: rizista mai rubu'in wat, wato 0.25 W, wadda ita ce aka fi samu a shagunan kayan rediyo, za ta iya zama a matsayin R3?

Kafin kowane lissafi, zana kibiya a kan kowace rizista, ka tsayar da ita har ƙarshen aiki. A nan za mu ce kibiyar R1 tana nuna A, kibiyar R2 tana nuna A, kibiyar R3 tana sauka daga A zuwa ƙasa. Duk karant ɗin da ya bi kibiya lamba ce ta ƙari, wanda ya saɓa mata lamba ce ta ragi. Yawancin amsoshin da ke fitowa a karkace daga nan suke samo asali: mutum ya zana kibiya a zagaye na farko, ya juya ta a zagaye na biyu, sannan ya tara lambobin kamar hanya ɗaya suke bi.

Mataki na farko: V1 shi kaɗai

Kashe tushen bolteji yana nufin mayar da boltejinsa sifili, kuma abin da ke da bolteji sifili tsakanin ƙafafunsa komai karant ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne zallar waya. Don haka a takarda ka goge V2 ka ja layi a gurbinsa. Ba a barin wurin a yanke. Wanda ake bari a yanke shi ne tushen karant, domin karant sifili yana nufin babu hanya.

Da V2 ya zama waya, ƙarshen R2 ya taɓa ƙasa, sai R2 da R3 suka zama faralel. Om 200 biyu a faralel om 100 ne. V1 yana ganin R1 a jere da wannan 100, jimla om 200.

```
I1' = 12 / 200 = 60 mA
VA' = 60 mA × 100 = 6 V
I3' = 6 / 200 = 30 mA
I2' = -30 mA
```

Miliamfa 60 sun iso A sun rabu biyu daidai. Rabi ya sauka ta R3, rabi ya fita ta R2 zuwa ƙasa. Wanda ya bi R2 barin A yake yi, alhali kibiyarmu shiga A take nunawa, shi ya sa ya ɗauki alamar ragi.

Mataki na biyu: V2 shi kaɗai

Mayar da V2, ka maye gurbin V1 da waya. Yanzu R1 da R3 ne a faralel: 100 sau 200 a raba da 300, om 66.67. V2 yana ganin 200 da 66.67 a jere, om 266.67.

```
I2'' = 9 / 266.67 = 33.75 mA
VA'' = 33.75 mA × 66.67 = 2.25 V
I3'' = 2.25 / 200 = 11.25 mA
I1'' = -2.25 / 100 = -22.5 mA
```

A wannan karon R1 ce ke kwashe karant daga A zuwa ƙasa, ita ce mai alamar ragi.

Mataki na uku: tarawa

```
VA = 6 + 2.25 = 8.25 V
I1 = 60 - 22.5 = 37.5 mA
I2 = -30 + 33.75 = 3.75 mA
I3 = 30 + 11.25 = 41.25 mA
```

Kada ka wuce nan sai ka gwada amsar ta hanyar da ba ta dogara da tarawa ba. Miliamfa 37.5 da 3.75 sun shiga A, 41.25 sun fita, lissafi ya rufe. Haka kuma R1 tana tsakanin bolt 12 da bolt 8.25, bambancin 3.75, a raba da 100 ya ba da 37.5 mA. R2 tana tsakanin 9 da 8.25, bambancin 0.75, a raba da 200 ya ba da 3.75 mA. Komai ya zauna.

Inda ake faɗawa

Mutum yana da takardu biyu a gabansa, kowacce da cikakken lissafinta, kuma tarawa ta yi masa aiki sau huɗu a jere. Abu ne mai sauƙi hannunsa ya ci gaba. Sai ya ce: a zagaye na farko R3 tana da bolt 6, wato 36 a raba da 200, 0.180 W. A zagaye na biyu tana da bolt 2.25, wato 5.0625 a raba da 200, 0.025 W. Jimla 0.205 W. Wannan ƙasa da 0.25 W yake, don haka ya yanke cewa mai rubu'in wat za ta ɗauka.

Ainihin boltejin da ke kan R3 kuwa 8.25 ne. Ninka shi da kansa, 68.06, raba da 200, ka sami 0.340 W. Rizistar tana cin fiye da abin da aka ƙera ta ta jure da kusan kashi 36 cikin ɗari. Ba lallai ta mutu nan take ba. Za ta yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kanta ba, fentinta ya fara duhu a tsakiya, ƙimarta ta gusa, wata rana kuma ta yanke, musamman idan tana cikin rufaffen akwati a lokacin bazara.

Ina 0.135 W ɗin da ya ɓace? Wat ba ya tafiya da karant kai tsaye, yana tafiya ne da karant ninke da kansa, P = I² × R, ko bolteji ninke da kansa, P = V² / R. James Joule ne ya nuna haka a 1841, lokacin da ya auna zafin da waya ke fitarwa. Idan boltejin ya ƙunshi kashi biyu, a da b, to:

```
(a + b)² = a² + b² + 2ab
```

Mai tara wat ya ɗauki a² da b², ya bar 2ab. Ka ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 a tsawo da 10 a faɗi, a ƙara masa ƙafa 2 ta kowane ɓangaren biyu. Tayil ɗin da zai ci ba 100 da 4 ba ne, 144 ne, domin akwai dogayen zirin guda biyu masu 10 sau 2 a gefe da gefe. Waɗannan zirin su ne 2ab. A da'irarmu, 2 sau 6 sau 2.25 shi ne 27, a raba da 200 ya ba da 0.135 W, daidai abin da ya ɓace.

Wannan kason ba kuskuren lissafi ba ne da za a iya rage shi da ƙarin kulawa. Abu ne da ke faruwa a cikin rizistar. Miliamfa 11.25 na V2, lokacin da suke su kaɗai, suna ratsa bambancin bolt 2.25 ne kawai. A da'irar gaske kuwa bolt 8.25 suke ratsawa, saboda V1 ya riga ya ɗaga mahaɗar. Haka miliamfa 30 na V1, maimakon bolt 6 suna ratsa 8.25. Karant ɗin kowane tushe yana aiki a kan boltejin ɗan'uwansa, kuma wannan ba zai taɓa bayyana a takardar da aka kashe ɗayansu ba. Kason 2ab ba na V1 ba ne, ba na V2 ba ne, na haɗuwarsu ne. Shi ya sa tambayar "wat nawa ne na V1 a cikin zafin R3" ba ta da amsa guda.

Yanzu dubi R2, inda kuskuren ya juya ta ɗaya gefen, kuma ya fi muni. A zagaye na farko 30 mA a om 200 ya ba da 0.180 W. A na biyu 33.75 mA ya ba da 0.228 W. Tarawa ta ce 0.408 W. Amma karant biyun gaba da gaba suke, sun kusa cinye juna, abin da ya rage 3.75 mA ne, wat ɗinsa 0.0028 W. Amsar tarawa ta ninka gaskiya fiye da sau 140. Rizistar da lissafin ya ce za ta ƙone, a zahiri ko ɗumi ba za ta yi ba. R1 ma haka: tarawa ta ce 0.360 da 0.051, wato 0.411 W, gaskiya kuwa 37.5 mA a om 100, 0.141 W.

Saboda haka ba za a ce tara wat yana ba da kiyasi mai ɗan sauƙi ko mai ɗan tsauri da za a iya gyarawa da ƙarin kaso ba. A da'ira ɗaya ya rage wa R3, ya ƙara wa R1 da R2. Inda gudummawa biyu suke daidai kuma hanya ɗaya suke bi, gaskiya ninki huɗu ce ta wat ɗin ɗaya, tarawa ta ce ninki biyu. Inda suke daidai amma gaba da gaba, gaskiya sifili ce, tarawa har yanzu tana cewa ninki biyu.

Akwai gwaji na tunani da ke tona asirin wannan hanya nan take. Juya V2, ƙafar ƙari ta koma ƙasa. Duk gudummawarsa ta canza alama. VA ya zama 6 a ɗebe 2.25, bolt 3.75, R3 ta ci 0.070 W kacal. R2 kuwa yanzu karant biyun hanya ɗaya suke bi, 63.75 mA, wat ɗinta ya haura zuwa 0.81 W. Amma mai tara wat zai sake samun 0.205 da 0.408, domin ninka lamba da kanta yana shafe alamar ragi. Lissafin da bai san an juya batir ba, ba zai iya faɗa maka zafin rizista ba.

Yadda ake lissafin wat daidai

Tsarin gajere ne. Tara karant ko bolteji tukuna, da alamominsu, sannan ka lissafa wat sau ɗaya tak daga jimlar. A takardun zagaye-zagaye kada ma ka buɗe layin wat, domin abin da aka rubuta yana jan hannu a tara shi.

Bayan haka rufe lissafin da ma'auni: abin da tushe suka bayar dole ya yi daidai da abin da rizistoci suka ci. V1 ya ba da 12 sau 37.5 mA, 0.450 W. V2 ya ba da 9 sau 3.75 mA, 0.034 W. Jimla 0.484 W. Rizistoci sun ci 0.141 da 0.003 da 0.340, jimla 0.484 W. Amma a yi hattara da wannan gwaji, domin mai tara wat shi ma lissafinsa zai rufe idan ya yi kuskuren a ɓangarorin biyu. V1 shi kaɗai ya ba da 0.720 W, V2 shi kaɗai 0.304 W, jimla 1.024 W, kuma wat ɗin rizistocinsa da ya tara su ma 1.024 W ne. Kowane zagaye da'ira ce mai zaman kanta da ke kiyaye makamashi, don haka jimlarsu ma za ta daidaita. Ma'aunin yana da amfani ne kawai idan wat ɗin tushe ya fito daga jimlar karant.

Wat ɗin tushen bolteji yana da wani sassauci da ya kamata a fahimta. Boltejin V1 tsayayye ne a 12, don haka wat ɗinsa 12 ne sau karant, kuma ana iya rarraba karant ɗin: 12 sau 60 mA, 0.72 W, da 12 sau −22.5 mA, −0.27 W, jimla 0.45 W. Wannan daidai ne. Sharaɗin shi ne a kashi na biyun ma da cikakken bolt 12 za ka ninka, ba da sifilin da V1 yake da shi a wancan zagayen ba. Idan wat ɗin wani tushe ya fito da alamar ragi bayan an gama tarawa, ba kuskure ba ne: wuta ce ke shiga cikinsa. A da'irarmu, da V2 bai kai bolt 8 ba da haka za ta faru, kuma idan busasshen batir ne da ba a yi shi don caji ba, yana iya zafi ko ya yi yoyo.

Ga R3, amsar ita ce 0.34 W. Al'adar masu ƙira ita ce kada rizista ta yi aiki sama da kusan rabin ƙarfinta, don haka mai wat 1 ce ta dace. Mai rabin wat za ta ɗauka, amma da zafi.

Gwadawa a kan tebur

Kana buƙatar rizista ɗaya mai om 100 da biyu masu om 200, dukkansu masu wat 1, da tushen bolt 12, da batir mai bolt 9, da mita. Ka sayi masu wat 1 ko da lissafin ƙarshe ya ce R1 0.141 W take ci, domin a zagayen da V1 yake shi kaɗai 0.36 W za ta ci. Gwajin da kansa yana ɗora wa wasu sassa nauyin da da'irar gaske ba ta ɗora musu.

Abu mafi muhimmanci: maye gurbin tushe da waya ba ya nufin ɗora waya a kan ƙafafun batir. Cire batir ɗin gaba ɗaya daga da'irar, ka ajiye shi gefe, sannan ka haɗa ramukan biyu da ya bari da guntuwar waya. Waya a kan batir ɗin mota ko na sola tana jan ɗaruruwan amfa, ta narke a hannunka. Idan irin wannan batir ne tushenka na bolt 12, saka ƙaramin fis mai amfa 1 kusa da ƙafar ƙari. Kashe makunnin na'urar ba da wuta kuma ba daidai yake da waya ba, don ƙafafunta a kashe ba sa zama sifilin om.

Saita mita a DC, baƙar wayarta a layin ƙasa, ja a A. Ya kamata ka karanta kusan 6, sannan kusan 2.25, sannan kusan 8.25 idan tushen biyu suna ciki. Auna kowane tushe yana cikin aiki, domin batir ɗin da aka rubuta wa 12 yana iya nuna 12.6, kuma rizista mai zoben zinariya tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Idan jimlar biyun farko ta saɓa wa na uku da ɗan kaɗan, turjiyar cikin batir ce: da ka cire batir ka sa waya, ka cire turjiyarsa tare da shi, alhali ƙa'idar tana so a bar ta a wurin. Sabon batir mai bolt 9 om kaɗan ne a cikinsa, kusa da 200 ba zai dame ka ba, amma wanda ya gaji yana iya lalata gwajin. Idan kuwa a zagaye na farko ka karanta bolt 8 maimakon 6, ka manta wayar ce, R2 tana lilo babu inda ta taɓa.

Wanda ke da manhajar kwaikwayon da'ira ta LTspice ko ngspice zai iya gwadawa da wannan:

```
* gwaji
V1 1 0 12
V2 2 0 9
R1 1 3 100
R2 2 3 200
R3 3 0 200
.op
.end
```

Mahaɗa ta 3 ita ce A. Mayar da 9 zuwa 0 shi ne kashe V2, mayar da 12 zuwa 0 shi ne kashe V1. Manhajar tana nuna karant ɗin tushe da alamar ragi idan yana ba da wuta, kada hakan ya ruɗe ka.

Wata doka da ba ta taso a misalinmu ba amma za ka gamu da ita a da'irar taranzista: tushen da ƙimarsa ta dogara da wani karant ko bolteji na cikin da'irar ba a kashe shi. Yana nan a kowane zagaye, tushe masu zaman kansu kaɗai ake kashewa.

Inda tara wat yake halatta

Akwai yanayin da 2ab yake ɓacewa, kuma shi ne ke sa wasu su rantse sun ga an tara wat a littafi amsa ta fito daidai. Sun gani, amma da sharaɗi. Idan tushen biyu suna da firikwensi daban, kuma matsakaicin wat ake nema, to a sau b wani lokaci ƙari ne wani lokaci ragi, kuma a tsawon cikakken zagaye suna share juna.

Ɗauki rizista mai om 100 da ke da bolt 10 na DC a kanta, tare da kaɗawar AC mai bolt 2 na RMS, wato ƙimar da ke ba da zafi daidai da na bolt 2 na DC, a 50 Hz, firikwensin wutar layi a Najeriya da Nijar. A rabin zagaye kaɗawar tana ƙara wa bolt 10, a ɗaya rabin tana rage masa daidai gwargwado, don haka matsakaicin 2ab sifili ne. Wat ɗin shi ne 100 a raba da 100, da 4 a raba da 100, jimla 1.04 W. Lura cewa a nan abin da ba a tarawa kai tsaye shi ne ƙimar RMS: boltejin da ke daidai da wannan zafi ba 12 ba ne, tushen murabba'in 104 ne, kusan 10.2. Haka ake yi da wutar inbata ko janareto da igiyarta ba ta da tsabta, mai ɗauke da 150 Hz da 250 Hz a kan 50 Hz: a lissafa kowace firikwensi daban, da turjiyar kafasita da koyil ta wannan firikwensin, sannan a tara matsakaicin wat.

Idan firikwensin ɗaya ne, kason yana nan, girmansa kuma ya dogara da kusurwar da ke tsakanin igiyoyin biyu. Idan Va da Vb su ne gudummawar RMS a kan rizistar, θ kuma ita ce kusurwar:

```
P = (Va² + Vb² + 2 × Va × Vb × cos θ) / R
```

Da Va da Vb bolt 10 kowanne a kan om 100, tarawa tana cewa wat 2 kullum. Gaskiya kuwa wat 4 ce idan suna tafiya tare, wat 3 a digiri 60, wat 2 a digiri 90, sifili a digiri 180. A digiri 90 kaɗai tarawa ta dace. Da'irarmu ta batir biyu ita ma wannan lissafin ne: R3 tana kusurwa sifili, R1 da R2 suna digiri 180.

Firikwensi biyu masu kusanci suna buƙatar kulawa ta musamman. Da 50 Hz da 51 Hz, kusurwar da ke tsakaninsu tana zagayawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, don haka wat ɗin yana hawa zuwa kusan 4 ya sauka zuwa kusan sifili sau ɗaya a daƙiƙa. Matsakaicinsa na tsawon lokaci 2 ne, kuma rizista mai kauri da ke ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi wannan matsakaicin take ji. Ƙwan fitila kuwa za ka ga yana haske yana dushewa, kuma duk wani sashe da kololuwar bolteji ke iya fasawa, kololuwar zai gani. Don haka idan da'ira ta haɗa tushe iri-iri, ka fara rarraba su rukuni-rukuni bisa firikwensi, DC ma rukuni ne. A cikin kowane rukuni ka tara karant da kusurwoyinsu kafin ka lissafa wat. Tsakanin rukuni da rukuni ne kawai za ka tara matsakaicin wat, kuma idan kololuwa kake nema don zaɓen kafasita ko taranzista, ka koma ka tara boltejin da kansa.